Daga Raha Zuwa Gaske: Nazarin Saƙon Neman Zance Bayan Haɗuwar Biki a Damba

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga sahun abokan ango ya san cewa ba ango da amarya kaɗai biki yake haɗawa ba. Sau da yawa akan watse daga biki an bar wata magana a rataye tsakanin wani saurayi da wata budurwa, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba sai a wannan taro. Bayan kwana biyu ko uku, sai saurayin ya ga ba shi da mafita illa ya aika da saƙo, yana roƙon a ba shi dama a ƙarasa maganar da aka fara. Wannan saƙo shi ne abin da nake son mu duba a cikin wannan ɗan rubutu.

Maƙasudina shi ne in nuna cewa ladabin irin wannan saƙo ba a yawan kalmomin yabo yake ba. Yana cikin abubuwa biyu ne: raba wasa da gaske, da kuma bar wa wadda aka aika wa hanyar da za ta ce a'a ba tare da kowa ya ji kunya ba. Zan kafa hujja da wata wasiƙa guda ɗaya da wani abokina ya rubuta a Damba cikin shekarar 2021, wadda ya yarda in yi nazarinta bisa sharaɗin in ɓoye sunayen duk waɗanda abin ya shafa. Saboda haka inda suna ya zo na sa "wane" ko "wance".

2.0 Wurin da Abin ya Faru

Damba tana bakin garin Gusau, a kan hanyar da ta fito daga Zariya da Funtuwa ta ratso Tsafe da Kwatarkwashi. Wanda ya wuce Gusau ya miƙi hanyar Sakkwato kuwa, Bunguɗu zai tarar a gabansa. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1996, aka kuma mai da Gusau babban birni, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta zama a wannan gefe na gari. Wannan ne ya sa bikin Damba yakan tara mutane iri biyu: mutanen gari, da dangi na Tsafe da Bunguɗu da ƙauyukansu, waɗanda za su zo su kwana ɗaya ko biyu su koma. Saurayin da ya ga budurwa a irin wannan biki ba lalle ne ya sake cin karo da ita a hanyar kasuwa ba. In bai aika ba, magana ta mutu ke nan.

A cikin shagulgulan biki, tun daga kamu da sa lalle har zuwa ɗaurin aure da kai amarya, maza da mata kusan a rarrabe suke. Wurin da al'ada ta haɗa samari da 'yan mata fuska da fuska shi ne sayen baki. A daren da aka kai amarya, abokan ango sukan rako shi, su tarar da ƙawayen amarya sun tsare, sun ce amarya ba za ta yi magana ba sai an biya. Daga nan sai ciniki ya kaure, ana zolaya, ana cin tara, ana mai da martani. A wannan dare budurwa tana iya gaya wa saurayin da ba ta sani ba maganar da ba za ta iya gaya masa a kan titi ba, shi ma haka, kuma ba wanda zai riƙe abin a zuci, domin kowa ya san wasa ake yi.

A nan matsalar mai aika saƙo take. Duk murmushin da aka yi masa a daren, da duk amsar da aka ba shi, an yi su ne a ƙarƙashin inuwar wasa. Ba shi da hujjar cewa an so shi. Ita ma, in saƙo ya zo mata, ba ta da tabbacin ko wasan ne ake ci gaba da shi. Aikin saƙon na farko ke nan: ya fitar da magana daga fagen raha ya kai ta fagen gaske.

3.0 Wasiƙa Biyu

A farkon watan Satumba na 2021 hukuma ta sa aka rufe layukan wayar hannu a duk faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, aka kwashe makonni ba kira ba saƙo. A cikin wannan hali aka yi bikin wani ɗan unguwarmu, abokina kuwa yana cikin abokan ango. A wajen sayen baki ya yi ɗan zance da wata ƙawar amarya mutuniyar Tsafe. Da gari ya waye ta koma gida. Ko da a ce ya karɓi lambarta ba ta da amfani a lokacin, don haka sai ya koma ga abin da iyayenmu suka saba da shi, wato takarda da ɗan aike. Yana da wata yaya da take aure a Tsafe, wadda ta zo bikin, kuma ta san gidan su yarinyar. Ga abin da ya fara rubutawa ya kai mata:

"Zuwa ga tauraruwar zuciyata. Tun daren da na gan ki ban ƙara yin barci ba. Ina son ki so na haƙiƙa, kuma ba ni da sauran rayuwa sai da ke. Ki ba ni amsa gobe-gobe. Zan zo Tsafe ranar Juma'a, ki jira ni a ƙofar gida."

Yayar tasa ta karanta, ta miƙa masa abarsa, ta ce ita ba za ta ɗauki wannan takarda ta shiga gidan mutane da ita ba. Ta tambaye shi abu uku: in takardar ta faɗa hannun mahaifin yarinyar, me zai ce? In an riga an yi mata miji, ina za ta sa kanta? In kuma ba ta so, da wane baki za ta faɗa? Bayan an yi 'yar jayayya, sai ya sake zama ya rubuta wannan, ita ce kuma aka tafi da ita:

"Assalamu alaikum, Malama.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kun isa Tsafe lafiya, kun kuma tarar da su Baba da su Inna lafiya. Yaya gajiyar biki? Allah Ya huce gajiya, Ya ba da ladan zumunci.

Wataƙila ba za a gane mai rubutun ba. Ni ne abokin angon nan mai shuɗiyar hula da aka ci tara sau biyu a daren sayen baki, don ya ce kuɗin sun yi yawa. Sunana wane, ɗan gidan Malam wane a Damba, ƙanen wance da ta kawo wannan takarda.

A daren an fara wata 'yar magana a kan karatun aikin jinya, sai mota ta zo aka tashi ba a ƙarasa ba. Wasan biki ya wuce tare da biki, wannan kuwa ba wasa ba ne. In babu damuwa, kuma in ba a riga an tsayar da magana da wani ba, ina roƙon a ba ni dama in zo a ɗan ƙarasa, ta hanyar da manya suka yarda da ita, a ranar da aka ga ta dace.

In kuwa akwai uzuri, ba sai an faɗi dalili ba. A gaya wa wance kawai cewa an ga takarda. Zan fahimta, kuma ba wanda zai ji daga bakina. Zumuncin da ya haɗa mu yana nan yadda yake.

Na gode. Wassalam."

4.0 Tsarin Wasiƙa ta Biyu

In muka duba da kyau za mu ga wasiƙar ta kasu gaɓa biyar, kowace da aikinta.

Gaɓa ta farko ita ce gaisuwa. Bahaushe ba ya faɗa wa magana kai tsaye sai ya share mata hanya, wanda ya tsallake gaisuwa kuwa ya nuna cewa bukatarsa ta fi masa mutumin da yake magana da shi. Amma a lura da abin da aka gaisar a kai. Tambayar ko an isa lafiya ba cikon baki ba ce ga wanda ya san halin da hanyar Gusau zuwa Tsafe take ciki a waɗannan shekaru, balle a lokacin da ba waya da za a kira a ji an sauka. Sa'an nan ya gai da "su Baba da su Inna". Da wannan 'yar jimla ya sanar cewa ya san yarinyar tana da masu ita, kuma ba ya shakkar su ga takardar.

Gaɓa ta biyu ita ce gabatar da kai. Ya fara da cewa wataƙila ba za a gane shi ba, alhali yana da yaƙinin an gane shi. Wannan ƙanƙan da kai ne, kuma yana sauƙaƙa wa yarinyar, domin in ta amsa ba za a ce ta kwana tana tunaninsa ba. Alamar da ya zaɓa don tunatarwa ma abin lura ce. Bai kawo maganar kyawunta ko irin kallon da ta yi masa ba. Ya kawo abin da aka yi masa dariya a kai a gaban kowa, wato tarar da aka ci shi. Abin da ya faru a bainar jama'a ba ya jawo wa kowa zargi. Bayan haka ya faɗi gidansu da 'yar'uwarsa, wato ya ba da hanyar da za a bincike shi.

Gaɓa ta uku ita ce mafi gajarta, ita ce kuma ƙashin bayan wasiƙar: "Wasan biki ya wuce tare da biki, wannan kuwa ba wasa ba ne." A duk takardar, nan ne kaɗai bai yi sakaye ba. Da ya bar wannan jimla, da sauran ladabin ya zama hazo, yarinyar ta rasa gane ko neman aure ake nufi ko zolaya.

Gaɓa ta huɗu ita ce roƙon kansa. Abin da ya roƙa ƙarami ne, wato a ƙarasa wata magana takamaimai da aka fara a kan karatun jinya. Bai roƙi so ba, bai roƙi aure ba. Kowa ya san inda aka dosa, amma an nemi taki ɗaya ne kawai, an kuma bar mata zaɓin rana, an bar wa manya zaɓin hanya.

Gaɓa ta biyar ita ce ƙofar fita, wadda zan yi bayaninta a sashe na shida.

5.0 Yadda Nahawu Yake Ɗaukar Ladabi

Bambancin wasiƙun nan biyu ya fi fitowa fili a wajen wakilin suna. A wasiƙa ta farko, wadda ba ta wuce jimla huɗu ba bayan kanun ta, "ki" da "ke" sun fito har sau biyar. Biyu daga ciki umarni ne tsirara: "ki ba ni", "ki jira ni". A wasiƙa ta biyu kuwa, duk da ta fi tsawo nesa ba kusa ba, ba su fito ko sau ɗaya ba. Me aka sa a madadinsu?

Da farko an sa jam'i: "kun isa", "kun tarar". Wannan jam'i yana aiki biyu. Yana girmamawa, kamar yadda mukan ce wa babba "kun tashi lafiya", kuma yana haɗa yarinyar da 'yan tafiyarta, ta yadda gaisuwar ba ta nuna ta da yatsa ba.

Na biyu, kuma mafi yawa, an yi amfani da sigar nan da ba ta ambaton mai aiki, wato "an", "a", "aka". Dubi "an fara wata 'yar magana". Wa ya fara? Ba a faɗa ba. Da ya ce "kin fara", ya ɗora mata laifin rashin kunya. Da ya ce "mun fara", ya haɗa kansa da ita tun ba a ba shi izini ba. Haka kuma "a ba ni dama" bai tantance mai bayarwa ba: yana iya zama ita, yana iya zama iyayenta, kuma a gaskiya dukkansu ake nufi. Wannan siga ita ce wadda matar aure takan yi amfani da ita in tana sakaya sunan mijinta, ko uwa in tana magana da ɗanta na fari. Harshen kunya ne, kuma mai wasiƙar ya aro shi ne don ya nuna yana jin nauyinta.

Na uku shi ne sharaɗi. Kalmar "in" ta sharaɗi ta fito sau uku: "in babu damuwa", "in ba a riga an tsayar da magana da wani ba", "in kuwa akwai uzuri". (Ban ƙirga "in zo" ba, domin wannan wakilin suna ne na mai magana, ba sharaɗi ba.) Kowane sharaɗi yana rage nauyin roƙo, domin yana nuna mai roƙon ya yarda tun farko cewa abin yana iya ƙin yiwuwa. Sharaɗi na biyu ma yana da tushe a addini, domin ya tabbata a hadisi, a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Buhari da Muslim, cewa an hana mutum ya yi neman aure a kan neman ɗan'uwansa. Mai wasiƙar ya tambayi wannan ne ba tare da ya yi tambaya ba.

Na huɗu shi ne ƙanƙantawa da "ɗan" da "'yar": "wata 'yar magana", "a ɗan ƙarasa". Bahaushe yakan rage girman bukatarsa a baki don kada ta yi wa mai ji nauyi, kamar yadda mukan ce "ɗan ara mini".

Sai kuma kalmar kira. "Malama" tana girmamawa ba tare da da'awar kusanci ba. "Ƙanwata" tana nuna an riga an saba, ko kuma tana karkatar da maganar zuwa zumunci. "Tauraruwar zuciyata" da makamantanta kuwa sun yawaita ne a bakin samari tun bunƙasar littattafan soyayya na Kano daga tsakiyar shekarun 1980, da finafinan da suka biyo bayansu. Suna da muhallinsu bayan an fahimci juna, amma a saƙon farko suna nuna mutum ya ci gaban kansa.

6.0 Ƙofar Fita da Batun Mutunci

Masana biyu, Penelope Brown da Stephen Levinson, a nazarinsu kan ladabin magana wanda ya fara fita a 1978 aka sake buga shi littafi a 1987, sun nuna cewa kowane roƙo yana barazana ga mutuncin mai roƙo da na wanda ake roƙo. Mai roƙo yana iya shan kunyar a hana shi, wanda ake roƙo kuma an takura shi. A ganinsu, dabarun ladabi hanyoyi ne na rage wannan barazana. Abin da muka gani a sashe na biyar ya yi daidai da wannan ra'ayi.

Sai dai akwai inda ya kamata mu ƙara. A nazarin nasu, mutuncin mutum ɗaya ne ake karewa. A Damba da Tsafe kuwa, mutuncin da ke kan faifai ya wuce na mutum biyu. Akwai na yayar da ta ɗauki takarda, wadda za ta ci gaba da zama a Tsafe tana haɗuwa da mutanen gidan a suna da biki. Akwai na ango da amarya, waɗanda a inuwarsu aka haɗu. Akwai na gidaje biyu. A laccarsa da aka buga a 1974 kan mutumin kirki a wajen Hausawa, Kirk-Greene ya lissafa kunya da ladabi da mutunci a cikin siffofin da ake auna mutum da su, kuma duk ukun ba a iya auna su sai a cikin jama'a. Wannan ne ya sa yayar abokina ta ƙi ɗaukar wasiƙar farko: ba shi kaɗai zai sha kunya ba.

Dabarar da aka yi a gaɓa ta biyar ita ce, mai wasiƙar ya ƙera wa yarinyar kalmomin ƙi da hannunsa. Budurwa mai kunya ba za ta iya cewa "ba na so" ba, musamman ga matar da ta girme ta. Amma "an ga takarda" magana ce da ba ta da ƙaya, kuma gaskiya ce ko ana so ko ba a so. Ya kuma ɗauke mata nauyin kawo dalili, ya yi alkawarin rufa asiri, ya tabbatar mata cewa ƙin ba zai taɓa zumunci ba. Wasiƙar farko ba ta bar mata ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ta sa mata wa'adi, ta yanke ranar zuwa, ta kuma ɗora mata alhakin rayuwar mutum. Wadda aka rufe wa ƙofa haka abu biyu ya rage mata: ko ta yi shiru, ko ta kai ƙara gun manya.

7.0 Amsa da Yadda Ake Karanta Ta

Bayan kwana tara yayar ta shigo Gusau, ta kawo amsa da baki, ba a rubuce ba. Wannan ma hikima ce, domin takardar budurwa tana iya yawo, maganar baki kuwa ana iya musanta ta. Ga yadda ta maimaita mana, da karin harshen yankin:

"Ki ce mai an ga takarda, an kuma gode. Maganar da anka hwara ba a mance ta ba. Amma gidanmu ta zaure aka shiga, kuma Kawu na nan kullum bayan La'asar."

(A wannan kari "anka hwara" shi ne "aka fara", "aka shiga" kuma a nan yana nufin "ake shiga".)

Abokina ya ce da ya ji "an ga takarda" sai da gabansa ya faɗi, don ya zaci kalmomin ƙin da ya ƙera ne aka dawo masa da su. Lalle kuwa da maganar ta tsaya a nan, da ƙi ne. Abin da ya biyo baya ne ya juya ta. Yarinyar ta rama masa da irin sigarsa, ba "na" ba "ka". Ta amsa gaɓar tunatarwa da cewa ba a mance ba. Ta kuma amsa maganar "hanyar da manya suka yarda da ita" da ambaton zaure da Kawu da lokaci. A al'adarmu ba kasafai ake tunkarar uba kai tsaye a kan maganar 'yarsa ba, sai a bi ta wajen baffa ko kawu. Ashe ba ta ce "e" ba, amma ta nuna ƙofa, ta faɗi mai tsaronta, ta faɗi sa'ar da yake zaune.

Daga wannan za mu iya fitar da ma'auni. Amsar da ta ƙunshi wani abu takamaimai, kamar suna ko wuri ko lokaci, izini ce. Amsar da ta tsaya ga godiya da addu'a, irin su "an gode, Allah Ya bar zumunci", sallama ce cikin mutunci, kuma mai hankali ba ya neman a fassara masa ita. In an haɗa saƙo da ɗan toshi aka dawo da shi, magana ta ƙare. Shiru shi ne mai wuyar karantawa, domin yana iya zama kunya, ko rashin isar saƙo, ko ƙi. Abin da na ga dattawa suna yarda da shi shi ne a sake tuntuɓa sau ɗaya ta bakin ɗan aiken, bayan an ba da tazara. Abin da ya wuce haka ya tashi daga roƙo ya koma naci.

8.0 Iyakokin Wannan Tsari

Kada a ɗauka cewa wannan siga magani ce ga kowane hali. Da farko, sakaye yana da haddi. In aka cika "an" da "a" har aka rasa jimla ɗaya da ta fito fili, mai karɓa tana iya ɗaukar saƙon gaisuwa ce kawai, ta amsa da gaisuwa, kowa ya zauna yana jiran kowa.

Na biyu, ladabin kalmomi ba ya gyara kuskuren bincike. Aikin ɗan aike na gari ya haɗa da gano ko wadda aka gani budurwa ce, ko matar aure, ko mai idda, tun kafin takarda ta bar hannu. A cikin taron ƙawaye ba kullum ake bambancewa ba. Ga matar da take takaba ma, aya ta 235 ta Suratul Baƙara ta ba da izinin shaguɓe ne kawai, ba ƙulla magana ba. Saƙo ga matar aure kuwa, komai taushinsa, fitina ne.

Na uku shi ne sauyin da waya ta kawo tun shigowarta Nijeriya a 2001. Yau mafi yawan irin wannan saƙo ta waya yake tafiya, a rubuce ko da murya. Waya ta cire ɗan aike, ɗan aike kuwa shi ne mai tacewa, kamar yadda muka gani. Saboda haka sai saƙon kansa ya ɗauki aikin da yayar abokina ta yi. Dole ya faɗi inda aka samo lambar, domin lambar da aka karɓa ba da sanin mai ita ba laifi ce da ke bukatar ban haƙuri tun a jimlar farko. Dole a duba lokaci, domin saƙon da ya shigo tsakar dare ya riga ya faɗi wani abu kafin a buɗe shi. Sa'an nan mai aikawa ya sani cewa ana iya nuna saƙonsa ga ƙawaye da iyaye cikin ƙiftawar ido. Tambayar yayar tana nan daram: in ya faɗa hannun mahaifinta, me zai ce?

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa saƙon neman ci gaba da zance bayan biki yana tafiya ne a kan gaɓoɓi biyar, kuma biyu daga ciki su ne ba a iya yi sai da su: jimlar da ta raba wasa da gaske, da ƙofar da aka bari a buɗe don mai son fita. Mun ga kuma cewa nahawun Hausa ya tanadi kayan aikin, wato jam'in girmamawa, da sigar ɓoye mai aiki, da sharaɗi, da ƙanƙantawa. Wasiƙa guda ɗaya na nazarta, daga namiji zuwa mace, don haka ban yi da'awar cewa ta wakilci kowa ba. Zai yi kyau wata daga cikin 'yan'uwanmu ɗalibai mata ta duba mana yadda saƙon yake in daga ɓangaren mace ya fito, domin a nan ƙa'idojin kunya sun fi tsauri, kuma akasari ta bakin amarya ko babbar ƙawa yake bi.

Game da abokina kuwa, ya je Tsafe bayan La'asar tare da wani baffansa, sun gai da Kawu a zaure. Abin da ya biyo baya ya fita daga fagen nazarin harshe, ya shiga hannun manya. Allah Ya sa mu dace, amin.